Launin Kaya: Abin Da Idon Mai Saye Ke Ji Tun Kafin A Yi Ciniki

Duk wanda ya taɓa tsare shago a kasuwar Madawa, ko Buza, ko Keita ya san cewa ba kasafai mai saye ke kiran kaya da sunan da kamfani ya rubuta a jikinsu ba. Sai dai ka ji an ce "ba ni mai jan marfi", ko "irin mai ruwan ɗorawar nan nake so". Uwar gida idan ta aiki yaro ma da launi take yi masa kwatance. Mu da muke karanta tallace-tallace a gidan rediyo mun san wannan sarai, domin mai ba da talla yakan roƙe mu mu maimaita launin kwalin sau biyu ko uku, ko da sunan kayan sau ɗaya aka faɗa. Dalili kuwa shi ne galibin rubutun da ke jikin kaya da Faransanci ne ko Ingilishi, alhali launi ba ya bukatar a je lakkal kafin a karanta shi.

Babban misali yana nan a bakin ƙofarmu, wato albasa. Wadda ake nomawa a Galmi, da fadamar Tarka ta wajen Madawa, da sauran garake na ƙasar Adar, duniya ta san ta da suna "Violet de Galmi", ma'ana shunayyar Galmi. Ke nan rabin sunanta launi ne, rabi kuma gari. Babu kamfanin da ya zauna ya zaɓa mata wannan launi, haka Allah Ya halicce ta. Amma shekara da shekaru matan Abijan da Akara da Kumasi da Kwatano suna sayen ta, suna ganin 'yar kaɗan ta ishi tukunyar miya saboda ƙarfin yajinta, 'yan kasuwa kuma suna ganin takan jure ajiya a rudu fiye da wasu. Sannu a hankali sai ido ya haɗa abin biyu: da an hango ɓawon nan mai sheƙi tsakanin ja da shuɗi, zuciya ta riga ta ce wannan mai ƙarfi ce, ba za a yi asarar kuɗi ba. Shi ya sa idan aka jera ta kusa da albasar Holan mai ɓawo ruwan ƙasa, wadda jiragen ruwa ke saukewa a Abijan, mai saye ba ta bukatar ta tambayi wace ce ta Nijar.

Sunan nan ya yi darajar da har aka yi jayayya a kansa. A ƙarshen shekarun 2000 wani kamfanin sayar da iri na ƙasar Senegal ya nemi a yi masa rajistar irin da wannan suna a hukumar OAPI, mai kare haƙƙin sunayen kaya, wadda ke da mazauni a Yawunde, Nijar kuma mamba ce a cikinta. Manoma da hukumomin Nijar suka ƙi amincewa, kamfanin ya janye. A 2023 ne hukumar ta amince cewa sunan na albasar Nijar ne.

Wani abin lura da mai sayar da albasa ya kamata ya riƙe shi ne buhu. Albasar da aka zuba a buhun raga mai launin ja takan fi fitowa jawur a ido fiye da wadda ke cikin kore ko fari, ko da daga fage ɗaya aka cire su, saboda ido yana gauraya launin zaren da na ɓawon. Ba ha'inci ba ne muddin albasar lafiyayya ce. Ha'inci shi ne a lulluɓe ruɓaɓɓiya a tsakiya, kuma wannan ba launin da zai ɓoye shi idan an zazzage.

To, sai dai wannan launi da muke jin ƙarfi da yaji a cikinsa, idan aka haye da shi Turai sai ya faɗi akasin haka. A can albasar girki ta yau da kullum ita ce mai ruwan ƙasa, jar kuwa ana ɗaukar ta mai sauƙin yaji ce, ta yankawa ɗanya a kan ganye. Launi ɗaya, fassara biyu, domin kowace al'umma tana ɗora wa launi abin da bakinta da idonta suka saba haɗuwa da shi a tare da launin.

Harshenmu ma shaida ne. Fari da baƙi da ja su ne suka fi ɗaukar kaya a Hausa. Muna cewa farin ciki da farin jini, muna cewa baƙin ciki da baƙin jini, muna cewa jan aiki da jan hali. Wanda ya tsaya nan zai ce fari alheri ne, baƙi kuwa a guje shi a kan haja. Amma mace da aka ce tana da farar ƙafa ba yabo aka yi mata ba, kuma farin da muke sawa ranar Juma'a da shi ake likkafani. Baƙi kuma, duba turkuɗin da marinan Kura ta ƙasar Kano suke rinawa da shuni, a buge shi har ya yi ƙyalli. Mu baƙi muke ce masa, ga shi kuwa yana cikin tufafi mafi tsada da Buzu zai naɗa ranar biki a wajen Keita. Abin mamaki ma, shunin yana zuba a goshi da hannu, mai shi kuma alfahari yake yi da hakan. Amma atamfa ta kuskura ta zuba a wankin farko, an gama da sunan mai shagon a unguwa. Zubar launi ɗaya ce, a nan daraja, a can aibi.

Fatakenmu da ke sauke albasa a Kumasi sun san cewa a wurin Asantawa ja da baƙi tufafin makoki ne, dangin mamaci na kusa su ke ɗaura ja, fari kuwa na godiya da nasara ne, da kuma jana'izar wanda ya tsufa ƙwarai. Saboda haka turmin atamfa mai ja da baƙi da za a yi anko da shi a Madawa, idan aka kai shi tsaraba ga matar mai masauki a Kumasi, yana iya jawo kallon da ba a so. Masu zuwa saro kaya Gwanzu ta ƙasar Sin kuma sun ga yadda ja ke cika ko'ina a lokacin sabuwar shekararsu, da shi ake aure, a cikin jar ambulan ake ba da kyautar kuɗi, fari kuma shi ne na zaman makoki. Idan ka bar wa ɗan Sin zaɓin kwalin kayanka, kada ka yi mamaki in ya kawo maka ja da ruwan zinariya, don a idonsa fatan arziki yake yi maka.

Manyan kamfanoni ma suna biyan kuɗin wannan darasi. Mai karatu zai tuna kamfanin salula na Celtel da ja da ruwan ɗorawarsa. A 2008 ya koma Zain, da baƙin tambari mai wani zane na tsanwa da shuɗi da shunayya, aka bi rumfuna da alluna da katunan waya aka sake musu fenti. A 2010 Airtel ta Indiya ta saye shi, ja ya dawo. Layi ɗaya ne, eriya ɗaya, lambar mutum ba ta sauya ba, amma sau biyu cikin shekara uku sai da aka sake koya wa idon jama'a inda za su tsaya su sayi kati. Kamfani mai biliyoyi yana iya ɗaukar wannan nauyi. Mai ƙaramin jari da ta sauya launin ledarta, masu sayenta za su ɗauka ta daina sana'ar ne, ko kuma jabu aka kawo.

Siyasa ma takan kama launi ta riƙe. Kafin a rusa jam'iyyu a 2025, ruwan hoda a jahar Tawa na PNDS-Tarayya ne a idon kowa, kuma wanda ya shafa shi a ƙofar shago a lokacin yaƙin neman zaɓe ya yi magana ko bai buɗe baki ba.

Yanzu mu sauko kan tebur. A ce wata baiwar Allah a Buza tana daka yaji mai kyau, tana ƙullawa a farar leda, tana kuma son ta manna takarda don a riƙa gane nata. Abin da zai fara zo mata shi ne ja, tunda barkono ja ne. Amma yajin da kansa ja-ja ne, don haka jar takarda za ta nutse a cikinsa, daga nesa ba a ga komai ba. Idan ta ce ja da ruwan ɗorawa, ta faɗa gonar Maggi, wanda ya daɗe da mallake waɗannan launuka biyu a teburin kayan miya. Ko dai nata ya ɓace a cikinsu, ko a ce kwaikwayo take yi. Farar takarda zalla kuwa, man da ke cikin yajin da ƙurar hunturu za su sa ta zama kamar tsohuwar haja cikin 'yan kwanaki. Akwai kuma tarkon da mutanen birni ba su cika lura da shi ba: kwalaben maganin ƙwari da manoman albasa ke saye suna da zirin launi a gindin takardarsu, ja ga mafi haɗari, sai ruwan ɗorawa, sai shuɗi, sai kore. Kayan ci da aka yi wa jan ziri a ƙasa yana iya tuna wa manomi guba, ko bai faɗa ba.

A ganinmu, gara ta ɗauki launi ɗaya mai duhu wanda babu mai shi a layin da take zama, kamar shuɗi mai duhu, ta yi rubutu da fari manya-manya, da ɗan hoton turmi ko barkono don wanda ba ya karatu. Amma kada ta buga dubu tun farko. Ta sa a buga mata kala uku, goma-goma. Ta jera su a teburin tare da kayan maƙwabta, ta ja da baya taku goma ta duba da hantsi, ta sake dubawa da magariba a hasken fitila, domin shuɗi da kore kan rikiɗe su zama ɗaya idan duhu ya fara. Ta bar ɗaya daga kowanne a rana har kasuwa biyu ta ci; ja da ruwan hoda su suka fi saurin koɗewa, kuma takarda koɗaɗɗiya tana cewa kayan sun kwana ko da jiya aka daka su. Sannan ta saurari yadda yaran aike ke kwatanta nata. Idan suka fara cewa "mai shuɗin nan" ba tare da an koya musu ba, ta samu.

Abu na ƙarshe yana wajen mai ɗab'i. Launin da aka nuna mata a fuskar kwamfuta ko salula ba lalle ya fito haka a takarda ba, kuma bugun yau da na wata uku masu zuwa kan bambanta idan tawada ta sauya. Sai ta ajiye takarda ɗaya daga bugun farko a cikin littafi, inda rana ba ta taɓa ta, duk ranar da za a sake bugawa ta tafi da ita, a ɗora sabuwa kusa da tsohuwa a fili kafin ta biya sauran kuɗin.