Gwajin Taken Hoto Biyu: Yadda Ake Zaɓe da Adalci

Mai sayar da atamfa tana da hoto ɗaya da take biyu: na farko ya faɗi farashi, na biyu ingancin yadi. Manhajar talla za ta raba masu kallo gida biyu kamar jefa ƙuri'a, kowa ya ga take ɗaya kawai. Hoto, lokaci da kuɗin talla duk su zama iri ɗaya.

Tun farko ta tsayar da ma'auni: yawan masu tambayar saye. A misali, idan cikin mutum 1,000 na farko ya jawo 30, na biyu 33, wannan tazarar sa'a ce ke iya kawo ta. Amma 30 da 60, magana ta fito fili.

Kada ki tsayar da gwaji don ɗaya ya yi gaba ranar farko. Bari mako ya cika, domin kasuwar Juma'a daban take da ta Litinin.