Lanƙwasa ɗaya ta isa ta rage maka gudun intanet

Wanda aka jawo wa intanet ta igiyar faiba zai iya kwana lafiya, ya wayi gari bidiyo na tsayawa, kira na yankewa, alhali kuɗinsa bai ƙare ba. Sai a ɗora wa kamfani laifi. Sau da yawa kuwa matsalar tana cikin ɗaki, a bayan kujera ko ƙarƙashin ƙofa.

Faiba ba wutar lantarki take ɗauka ba, haske ne ke bi ta cikin zaren gilashi. Tsakiyar zaren, inda hasken ke bi, faɗinta maikiron 9 ne kacal, silin gashin mutum ya ninka ta sau bakwai ko takwas. Idan aka lanƙwasa igiyar da ƙarfi, wani ɓangare na hasken sai ya tsiyaye ta gefe. Haka nan ƙwayar ƙura ɗaya ko maiƙon yatsa a bakin igiyar na iya tare hanyar. Shi ya sa zare igiyar a bar ta a buɗe lokacin hunturu ganganci ne.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne layin ba ya mutuwa nan take. Akwatin da igiyar ke shiga yakan yi ta gyara kurakurai, har su fi ƙarfinsa, saƙonni su riƙa ɓacewa ana sake turo su. Wannan maimaicin ne kake gani a matsayin nawa. Sai hasken ya gaza gaba ɗaya fitilar LOS take yin ja.

Ana iya auna hasken. A shafin saitin akwatin akwai layin Rx Optical Power. Yawancin layukan gida suna aiki tsakanin -8 da -27 dBm, kuma duk ragin 3 na nufin rabin hasken ya tafi. A ce ranar da aka haɗa layin awon -19 ne, yau kuma -27. An duba, ashe kabad ce ta danne igiyar a lungu. Da aka janye ta aka miƙe igiyar, awon ya dawo -22. Sauran ukun datti ne: ma'aikaci ya goge bakin igiyar da abin goge faiba, aka koma -19. Da awon bai motsa ba, to gilashin ya tsage ko matsalar tana waje, wannan kuma aikin kamfani ne.

Idan za ka naɗe rarar igiya, yi mata zobe mai faɗin tafin hannu, kada ka ɗaure ta tamau. Kada ka hura mata iska da baki ko ka goge ta da riga. Kada kuma ka leƙa bakinta, domin hasken ba ya ganuwa amma yana iya cutar da ido. In za ka kira kamfani, karanta musu lambar awon tun a waya.