Minti 4 ko kashi 90: wace lamba za ka duba a YouTube Studio?

A ce ka ɗauki bidiyo biyu da wayarka a Minjibir. Na farko mai minti 12 ne, kan noman rani a bakin dam ɗin Wasai. Na biyu daƙiƙa 30 kacal, masaƙi yana wurga ƙoshiya.

YouTube Studio zai nuna maka Average view duration, wato matsakaicin lokacin da mai kallo ya ɗauka, da Average percentage viewed, wato kashi nawa cikin ɗari na bidiyon aka kalla. Idan na farko ya samu minti 4, kashi 33 ke nan. Na biyu kuwa daƙiƙa 27 sun ba shi kashi 90.

Nan ne da yawa suke ruɗewa, su ce dogon ya faɗi. Bai faɗi ba. Wanda ya ƙona datarsa minti 4 a kanka ya ba ka kusan ninki tara na lokacin ɗaya. Kuma awa 4,000 da YouTube ke nema a wata 12 kafin a fara raba maka kuɗin talla, ba a lissafa kallon da aka yi a jerin Shorts a cikinsu.

Saboda haka a dogon bidiyo mintuna za ka bi. A gajere, kashi ne ma'auni, domin daƙiƙa 27 ba sa faɗa maka komai sai ka san tsawon bidiyon. Kashin yakan ma zarce 100 idan mutane suna maimaita kallo.

Sai dai a kula: datse bidiyon Wasai zuwa minti 6 na iya ɗaga kashin, alhali mintunan sun ragu.