Share fayil ba shi ne ɓatar da shi ba

Darasinmu na yau a kan ordinatar ne, wadda waɗansu ke kira kwamfuta. A cikinta akwai wani faifai da ake kira diski dur. Nan ake ajiye wasiƙu da hotuna da lissafin kuɗi. Kowane abu ɗaya da aka ajiye sunansa fayil.

Ku ɗauki faifan nan kamar babban kaye na ɗan kasuwa. A shafin farko ya rubuta jerin sunaye: bashin wane yana shafi na 40, na wance yana shafi na 75. In kun ce wa ordinatar ta share fayil, da fari tana kai shi cikin kwandon da ake rubutawa Corbeille. In kun zubar da kwandon, sai ta soke sunan daga jerin, ta ce shafi na 40 ba na kowa ba ne yanzu. Shafin kuwa ba ta taɓa shi ba. Rubutun yana nan har ranar da wani sabon fayil ya hau kansa, wataƙila gobe, wataƙila baɗi. Kafin nan, mai gyara da ya san aiki yana iya bin shafuna ɗaya ɗaya ya fito da shi.

A shekarar 2003 waɗansu ɗalibai biyu na jami'ar MIT a Amirka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, suka ba da labarin tsofaffin fayafayai 158 da suka saya. Guda 129 suna aiki, amma 12 kaɗai aka goge yadda ya kamata. A cikin sauran sun tarar da bayanan marasa lafiya da dubban lambobin katin banki.

To, yaya ake gogewa ta gaskiya? Kun san kaset. In kun ɗauki sabon wa'azi a kan tsohuwar waƙa, waƙar ta tafi. Faifai ma da maganaɗisu yake aiki. Sai a sa ordinatar ta rubuta sifiri a kowane gurbi, daga farko har ƙarshe. Ga fayafayan zamanin nan sau ɗaya ya isa, kada wani ya ɓata muku kwana uku yana maimaitawa.

Wannan aiki yana cin lokaci, kuma lokacin shi ne shaidarku. Ga misali. Faifai mai giga 500 yana ɗauke da mega 500.000. In yana rubuta mega 100 a daƙiƙa ɗaya, sai ya yi daƙiƙa 5.000, wato awa ɗaya da minti 23. Saboda haka in kun kai ordinatar wurin mai gyara kafin ku sayar, ya ce ya goge a cikin minti ɗaya, jerin sunaye kaɗai ya sake. Abin da Formatage rapide ke yi ke nan. A Windows, tun daga Vista, in an cire alamar da ke gaban wannan suna, za a rubuta sifiri a dukan sashen da aka zaɓa.

Amma da saura. In wani gurbi ya fara lalacewa, faifan da kansa yana keɓe shi, ya ɗauko wani daga ajiya. Ordinatar ba ta ƙara ganin tsohon, balle ta rubuta a kansa, alhali akwai guntun rubutu a ciki. Don haka masu ƙera faifai suka sa wani umurni a cikinsa mai suna Secure Erase. In an ba shi umurnin, faifan ne ke goge kansa daga ciki, ordinatar tana jira. Akwai iri na biyu, Enhanced Secure Erase, wanda aka yi domin ya kai har ga guraben da aka keɓe. Wannan aikin mai gyara ne, kuma ku tabbata wuta ba za ta ɗauke a tsakiya ba, domin faifan yana iya zama a kulle.

Sababbin ordinatar da yawa suna da SSD, wanda ba ya juyawa kuma ba shi da maganaɗisu. Shi yana sauya wurin rubutu kullum don kada gurbi ɗaya ya gaji, shi ya sa rubuta sifiri daga waje ba ya tabbatar da an kai ko'ina. Secure Erase ya fi dacewa da shi, kuma a nan aikin yana iya ƙarewa cikin ƴan daƙiƙu, ba laifi ba ne.

Faifan da ya mutu ba ya karɓar umurni. A kwance shi, a fito da farantin da ke ciki, a farfasa shi. Ku rufe ido da hannu, domin waɗansu farantan na gilashi ne.