Bidiyo a Shafi: Me Ya Sa Mai Nema Ba Ya Ganinsa?

A ce wata ƙungiyar manoma ta ɗauki bidiyo na minti huɗu da daƙiƙa 35 kan yadda ake adana wake a buhu mai gida uku, wato buhun nan na PICS da masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. Bidiyon ya yi kyau, murya tana fita tangaran. Suka ɗora shi a YouTube, sannan suka liƙa shi a gindin wani dogon rubutu na shafinsu, ƙasa da rahoton taron shekara da hotunan shugabanni. Bayan wata guda wani ya rubuta "yadda ake adana wake" a Google, bai ga shafin nasu a sashen bidiyo ba. Galibi a nan ake fara zargin cewa an danne su, ko kuma sai an biya kuɗi. Dalilin ya fi haka sauƙi, kuma gyaransa yana hannunsu.

Manhajar da Google ke aikawa ta zagaya shafuka, Googlebot, karatu ne babban aikinta. Idan ta iso shafi, tana duba lambobin ginin shafin ta ga ko akwai mazubin bidiyo, irin su `video` ko `iframe` ko `embed`. Ko da ta iya ɗauko fayil ɗin, abin da ta fi dogara da shi wajen sanin me ke ciki shi ne rubutu: kan magana, bayanin da ke kewaye, da kuma wasu bayanai masu tsari da ake rubutawa domin na'ura kawai. Ga wanda bidiyonsa da Hausa ake magana, wannan ya fi muhimmanci, domin bai kamata ya zuba ido yana jiran na'ura ta saurari Hausarsa ta fahimci cewa batun ƙwarin wake ake yi ba. Abin da bai rubuta ba, ya ɗauka ba a sani ba.

Kafin a zo kan bayanai masu tsari akwai sharaɗin da mutane da yawa suke tsallakewa, kuma a ganina shi ne ginshiƙin lamarin. A shekarar 2023 Google ya sauya ƙa'ida har sau biyu. A watan Afrilu ya daina nuna ƙaramin hoton bidiyo a gefen sakamakon bincike idan bidiyon ba shi ne babban abin da ke shafin ba, a watan Disamba kuma ya faɗaɗa wannan zuwa sashen bidiyo. Ma'ana, shafin da ake so ya fito dole ya zama shafin kallo, wanda duk mai buɗe shi ya san bidiyon ya zo gani. Bidiyon ƙungiyar manoman ɗan rakiya ne a shafin rahoton taro, don haka komai kyawun bayanan da za a rubuta masa ba za su fid da shi ba. Gyara na farko shi ne a gina masa shafinsa shi kaɗai, da adireshi irin `example.com/bidiyo/adana-wake`, a sa shi a sama yadda mai waya zai gan shi da zarar shafin ya buɗe ba tare da ya ja ƙasa ba. Ba laifi ba ne a bar shi a shafin rahoton ma, sai dai ba can ake sa ran ya fito ba.

Liƙawar kanta ba wuya. A ƙarƙashin bidiyo a YouTube a danna Share, sannan Embed, sai a kwafi abin da ya bayar, wanda ya yi kama da wannan:

```html
<iframe width="560" height="315"
  src="https://www.youtube.com/embed/VIDEO_ID"
  title="Yadda ake adana wake a buhu mai gida uku"
  allowfullscreen></iframe>
```

A lura da kalmar `embed` a cikin adireshin. Wanda ya ɗauko adireshin kallo na yau da kullum, mai `watch?v=`, ya zuba shi a nan, akwati zai gani babu bidiyo. Akwai kuma wata dabara da masu gina shafi suke yi da kyakkyawar niyya, don tausaya wa masu ƙarancin data: su sa hoto kawai, sai an taɓa shi sannan mazubin bidiyon ya shigo. Matsalar ita ce Googlebot ba ta taɓa hoto ba ta danna maɓalli, saboda haka tana iya wucewa ba ta san akwai bidiyo ba. A shafin kallo gara a bar mazubin a fili.

Sai rubutun da ke kewaye, wanda shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Kan shafin ya faɗi abin da bidiyon ya ƙunsa da kalmomin da manomi zai nema da su. "Yadda ake adana wake a buhu mai gida uku ba tare da magani ba" ya fi "Shirinmu na musamman kashi na bakwai" nesa ba kusa ba, domin babu mai neman kashi na bakwai sai wanda ya kalli na shida. A ƙarƙashin bidiyon a rubuta sakin layi biyu ko uku na ainihin abin da aka nuna: a shanya wake ya bushe sosai, a duba ledojin kada a samu huda, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, kuma dalilin da ya sa abin ke aiki shi ne ƙwarin suna cinye iskar da ke ciki har su rasa ta shaƙa. Idan da hali a rubuta duk maganar da aka yi a bidiyon a sa ta ƙasa. Wannan yana amfanar kurma, yana amfanar wanda datarsa ba ta kai ta kallo ba, kuma yana ba injin bincike kalmomin da zai haɗa da tambayar mai nema. A kuma sa `lang="ha"` a farkon shafin don a san harshen, a tabbatar an ajiye shi da tsarin UTF-8, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ za su koma alamun tambaya da akwatuna. Abin da ba na so shi ne a cika shafin da maimaita "adana wake" sau ashirin. Mai karatu zai gaji, kuma idan rubutun ya yi yawa har ya danne bidiyon, an koma gidan jiya.

Bayanai masu tsari kamar takardar da ake liƙa wa kaya ne a tashar mota: direba ba sai ya kwance ɗauri ba, ya karanta ya san mene ne, na wane ne. Ƙamus ɗin da ake rubuta su da shi sunansa schema.org, wanda Google da Microsoft da Yahoo suka kafa tare a 2011, kuma salon rubutun da Google ya fi so shi ne JSON-LD. Ga na bidiyon wake:

```html
<script type="application/ld+json">
{
  "@context": "https://schema.org",
  "@type": "VideoObject",
  "name": "Yadda ake adana wake a buhu mai gida uku",
  "description": "Shanya wake, duba leda, matse iska da ɗaure buhu.",
  "thumbnailUrl": "https://example.com/hotuna/adana-wake.jpg",
  "uploadDate": "2024-11-05T09:00:00+01:00",
  "duration": "PT4M35S",
  "embedUrl": "https://www.youtube.com/embed/VIDEO_ID"
}
</script>
```

Mai ziyara ba ya ganin wannan. Uku daga ciki wajibi ne a wurin Google: `name`, `thumbnailUrl` da `uploadDate`. Sauran ƙari ne mai amfani. Ranar ɗorawa ana fara ta da shekara, sai wata, sai rana, kuma `+01:00` ɗin ƙarshe shi ne agogon Najeriya da Nijar. Wanda ke Ghana zai rubuta `+00:00`. Tsawon bidiyo yana da nasa salon, `PT4M35S` na nufin minti huɗu da daƙiƙa 35, kuma wanda ya rubuta 4:35 kamar yadda ya saba gani ya yi kuskure. Idan fayil ɗin bidiyon a rumbun shafinka yake ba a YouTube ba, sai ka ba da `contentUrl`, wato adireshin fayil ɗin kansa, irin mai ƙarewa da `.mp4`. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a zuba adireshin shafin a wannan gurbi ko a gurbin `embedUrl`, alhali ɗayan fayil yake nema, ɗayan kuma mazubi.

Ƙaramin hoton nan ya cancanci a tsaya a kansa, domin idan Google ya kasa ɗauko shi, bidiyon ba zai shiga jerin ba. Dole adireshinsa ya zama tsayayye wanda ba ya sauyawa, kada a kulle shi a bayan kalmar sirri, kada kuma fayil ɗin `robots.txt` ya hana shiga jakar da yake ciki. Sau da yawa mai shafi bai ma san wanda ya gina masa ya toshe jakar hotuna ba. Kowane bidiyo kuma ya samu hotonsa da sunansa da bayaninsa. Tambarin ƙungiya ɗaya a kan bidiyo talatin ba ya gaya wa kowa komai.

Ƙa'idar da ta ɗaure duka ita ce abin da aka rubuta wa na'ura ya yi daidai da abin da mutum ke gani. Idan shafin ya ce adana wake, bayanan ɓoye kuma suka ce sabon fim ɗin Kannywood don jawo jama'a, wannan yaudara ce da ta saɓa wa ƙa'idojin Google, kuma tana iya sa a daina amfani da bayanan shafin.

Ana gane ko aikin ya yi ta hanya biyu, duka kyauta. Ta farko Rich Results Test ce: ka zuba adireshin shafin, ta gaya maka ko ta ga `VideoObject` da abin da ya ɓace. Yawancin kurakuran da take kamawa ƙanana ne masu ɓata komai, kamar waƙafi da aka bari bayan layin ƙarshe, ko alamun zance masu lanƙwasa da suke shigowa idan an kwafo rubutun daga Word. Ta biyu ita ce Search Console, bayan ka tabbatar shafin naka ne. Akwai rahoton bidiyo a ciki da ke nuna shafukan da aka ga bidiyo a cikinsu da dalilin da ya sa ba a shigar da wasu ba. Idan ka ga "Video isn't on a watch page", ka san matsalar ta tsarin shafi ce, gyaran bayanai ba zai magance ta ba. Bayan gyara ana iya neman a sake duba adireshin ta URL Inspection, amma sai an yi haƙuri na kwanaki, wani lokaci makonni.

Ko da komai ya tafi daidai, bayanai masu tsari cancanta suke bayarwa, ba alkawarin fitowa ba. Kuma tunda bidiyon ƙungiyar yana YouTube, yana da wani shafin kallo a can, wanda Google ke iya fifitawa ya nuna maimakon nasu. Idan burinsu manomi ya koyi ɗaure buhu, wannan ba asara ba ce, sai dai su kyautata suna da bayanin can ɗin ma, su sa adireshin shafinsu a ciki. Idan kuwa so suke a zo shafinsu, inda suke sanar da wurin sayen buhun da ranar taro, to sai su yi tunanin ajiye fayil ɗin a rumbunsu, su kuma lissafa kuɗin rumbun da nauyin fayil ɗin a kan wayar manomin da ke kallo daga ƙauye.