Yadda Ake Rubuta Gajeriyar Ta'aziyya da Sifaniyanci ga Abokin da Ya Rasa Mahaifi

A ƙasar Sifaniya ba a daɗewa da gawa, domin galibi ana binne mamaci ko a ƙona gawarsa kwana ɗaya ko biyu bayan rasuwa, kuma a wannan ɗan tsakani ne iyalai ke zama a gidan da ake kira tanatorio, wato ginin da aka tanada don ajiye gawa da karɓar masu gaisuwa. Saboda ƙurewar lokaci, saƙon ta'aziyya na farko da aboki ke aika wa abokinsa yakan kasance gajere, a rubuta shi a waya a ranar da labari ya iso, kuma wanda zai karanta shi mutum ne da hankalinsa ya rabu tsakanin baƙin ciki da hidimar jana'iza. Ta'aziyya a wannan harshe sunanta pésame, kuma jimlar da kowane mai koyo ke fara haddacewa ita ce «Mi más sentido pésame», ma'ana ta'aziyyata daga zuci. Jimlar daidai take, sai dai ita ce wadda kamfani zai aika wa ma'aikacinsa, don haka idan ta tsaya ita kaɗai tsakanin aminai takan yi sanyi, kamar an sauke nauyi ne kawai.

Ga misalin saƙon da wani zai iya aika wa abokinsa mazaunin Madrid wanda mahaifinsa ya rasu, kuma bai wuce kalma 50 da wani abu ba:

«Querido amigo:
Acabo de enterarme de la muerte de tu padre y lo siento muchísimo. Recuerdo con cariño lo bien que me recibió en su casa. Os acompaño en el sentimiento a ti y a tu familia. Mañana pasaré por el tanatorio. No hace falta que contestes.
Un abrazo muy fuerte.»

Abin da saƙon ke faɗa shi ne cewa marubucin yanzun nan ya ji labarin rasuwar kuma abin ya taɓa shi ƙwarai, yana tuna irin karamcin da marigayin ya yi masa a gidansa, yana tare da abokin da iyalinsa a cikin juyayi, gobe zai biyo wurin zaman makoki, kuma ba sai an amsa masa ba. A wurin amigo ana sa sunan abokin, idan mace ce a rubuta Querida, sannan a bi gaisuwar da ɗigo biyu kamar yadda ƙa'idar rubutun wasiƙa ta Sifaniyanci ta tanada. Jimla ta biyu, wadda ke tuna wani abu na gaske game da marigayin, ita ce ke raba wannan saƙo da tarin saƙonnin da za su shigo wayar a wannan rana, kuma idan marubucin bai taɓa saduwa da marigayin ba, gara ya rubuta «Sé cuánto lo querías», wato na san irin ƙaunar da kake masa, da ya ƙirƙiri tunanin da ba shi da asali.

Inda mai jin Hausa ya fi bukatar lura shi ne jimla ta uku. Ta'aziyyar Bahaushe ta ginu ne a kan addu'a ga mamaci da kiran mai rai zuwa ga haƙuri, shi ya sa ake tambayar «yaya haƙuri?» a kuma ce «Allah ya jiƙansa». Ta masu Sifaniyanci kuwa ta ginu ne a kan rakiya, domin acompañar na nufin raka mutum, kuma abin da mai ta'aziyya ke bayarwa shi ne kasancewarsa kusa da wanda aka yi wa rashi. Wanda ya ɗauki haƙurin Hausa ya rubuta «Ten paciencia» ya faɗi abin da ake gaya wa mai gajen haƙuri a layin banki, kuma mai makoki zai iya jin kamar ana tsawata masa ne a kan kukansa. Abin da ke cike wannan gurbi shi ne «Mucho ánimo» ko «Mucha fuerza», fatan ƙarfin zuciya, kuma ko su ɗin sun fi kyau a ƙarshen saƙo, bayan an riga an nuna cewa an ji zafin rashin.

Addu'a ma tana da wurinta, amma sai an san wanda ake rubuta wa. «Que descanse en paz», fatan mamaci ya huta cikin salama, kowa na karɓarta, har ana taƙaita ta zuwa D.E.P. ko Q.E.P.D. a sanarwar rasuwa da ake bugawa a jarida, sai dai taƙaitawar ba ta dace da saƙon amini ba, tunda wanda ya rasa uba ya cancanci a rubuta masa kalmomi 4 cikakku. «Que Dios lo tenga en su gloria» addu'a ce ta masu bin addini da gaske, kuma da yake Sifaniyawa da yawa a yau ba sa zuwa coci, aika ta ga wanda bai yi imani ba na iya nuna cewa marubucin bai san abokinsa ba. Musulmin da ke son ambaton addu'arsa ba tare da ya ɗora wa abokin wata aƙida ba, zai iya rubuta «Rezo por ti y por tu familia», wato ina yi maka addu'a kai da iyalinka, kuma wannan jimla ce da mai addini da marar addini duk ke karɓa a matsayin alheri.

Saƙon nan na Madrid ba zai tafi Meziko yadda yake ba. Wakilin suna os, wanda ke nufin ku a tsakanin na kusa, na Sifaniya ne, a Latin Amurka kuwa ana cewa «Los acompaño». A can manya ma kan ce «tu papá» da «tu mamá» ba tare da an ji yarinta a ciki ba, har padre da madre kan zama kalmomin nesa, kuma zaman makokin an fi kiransa velorio. A Meziko iyalan Katolika da dama na yin novenario, addu'ar kwana 9 bayan binnewa, saboda haka wanda ya makara yana da damar cewa zai halarta. A Ajantina da Uruguwai, inda aboki ke kiran abokinsa vos, «Cuenta conmigo», wato ka dogara da ni, na komawa «Contá conmigo». A ko'ina dai ba a komawa usted, kalmar girmamawa, ga abokin da aka saba kira tú, domin sauyin zai sa tazara a ranar da ake neman kusanci, ko da yake a wasu sassan Kolombiya da Kosta Rika aminai da 'yan gida ɗaya ma usted suke kiran juna.

Akwai ƙananan kurakurai da ya kamata a duba kafin a aika. Alamar da ke kan harafin ƙarshe na papá ba ado ba ce, domin papa marar alama na nufin dankali ko Fafaroma, mama marar alama kuma na nufin nono, kuma waya na iya cire alamar ba tare da marubuci ya lura ba. Idan uwa ce ta rasu, kowane lo da ke nufin mamaci sai ya koma la, a ce «Sé cuánto la querías», amma na «lo siento» ba ya sauyawa, tunda abin da ya faru yake nufi. Wannan lo ɗin kuma yakan faɗi da zarar an ambaci abin da ake juyayi a kansa, saboda haka «Siento mucho la muerte de tu madre» ita ce daidai, «Lo siento la muerte» kuwa kuskure ne da ke nuna baƙon harshe nan take. Wanda kalmar muerte ta yi masa nauyi zai iya sa fallecimiento, wadda ta yi daidai da rasuwa, ko ya bi hanyar da aminai suka fi bi a Sifaniya, ya rubuta «Siento mucho lo de tu madre», wato abin da ya sami mahaifiyarka, ba tare da ya ambaci mutuwar da sunanta ba.