Bambancin Ragi Daga Kuɗin Shiga da Ragi Daga Haraji

Hukumomin haraji kan sassauta wa mai biya ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce a cire wani abu daga kuɗin shigarsa kafin a lissafa haraji, kamar abin da ma'aikaci ke zubawa a asusun fansho. Ta biyu kuwa, sai an gama lissafin haraji sannan a zabge wani adadi daga cikinsa kai tsaye.

A ɗauka mutum yana samun naira 1,000,000 a shekara, harajinsa kuma kashi 20 cikin ɗari ne. Idan babu sassauci, zai biya naira 200,000.

Idan aka cire masa naira 100,000 daga kuɗin shiga, saura naira 900,000 ke nan da za a ɗora wa haraji. Zai biya naira 180,000, wato sauƙin da ya samu naira 20,000 ne kacal. Amma idan daga harajin kansa aka cire naira 100,000 ɗin, abin da zai biya ya koma naira 100,000.

Dalili shi ne, amfanin ragin farko ya danganta da kason harajin da mutum ke biya. Mai biyan kashi 10 cikin ɗari naira 10,000 kawai zai tsira da ita a wannan misali, alhali ragi na biyu bai dogara da kason ba. Sai dai idan ragin ya zarce harajin da ake bin mutum, ba a mayar masa da rarar sai in doka ta tanadi haka.